Daga Jan Hannu 34 Zuwa 21: Nazarin Lamarin Wani Ɗan Bakin Kogi da Iyon Mita 400 Ya Gagara

Asalin lamarin

Matashin da wannan nazari ya shafa ɗan shekara 26 ne, haifaffen wani ƙauye da ke bakin Kwara a ƙasar Yawuri. Mahaifinsa masunci ne. Shi kansa bai san ranar da ya koyi iyo ba, ya dai tashi ya ga yana faɗawa ruwa daga kan kwalekwale yana komowa. Tsawonsa mita 1.75, nauyinsa kilo 72, ba shi da kitse, ƙirji da damatsa a murɗe irin na wanda ya girma da filafili a hannu.

Ya nemi aikin ceton masu wanka a wani wurin shaƙatawa a Kaduna. Sharaɗin da suka gindaya shi ne ya yi iyon mita 400 a ƙasa da minti 9 ba tare da ya tsaya ko ya taka ƙasa ba. Da ya ji sharaɗin bai ɗauke shi komai ba, tun da ya sha tsallaka ruwan da ya fi haka faɗi. A gwajinsa na farko, farkon watan Mayu, a kwamin iyo mai tsawon mita 25, ya kama bango a mita 175 yana haki kamar ransa zai fita. Da aka haɗa da hutun da ya yi ta yi, ya kammala mita 400 ɗin a minti 13 da daƙiƙa 10. Aka ba shi dama ya sake dawowa a ƙarshen Satumba.

Ni nake horar da masu koyon iyo a wani kwamin na daban a garin, mai tsawon mita 25 shi ma. Duk awon da ke cikin wannan rubutu daga littafin da nake rubuta bayanan ɗalibaina na ɗauko shi. Idan na ce "ja ɗaya" ina nufin shigar hannu ɗaya cikin ruwa, na dama ko na hagu.

Mayu: abin da ya gwada da kansa

Shi a ganinsa ƙarfi ne bai kai ba. Saboda haka ya dage da motsa jiki a tudu, safe da yamma, ya kuma ari fallayen roba irin waɗanda ake ɗaurawa a tafin hannu don ƙara masa faɗi. Yana shiga ruwa sau biyar a mako, yana juya hannuwa da iya saurinsa har sai ya gaji.

Bayan mako uku lokacinsa na mita 100 ya sauko daga minti 2 da daƙiƙa 35 zuwa minti 2 da daƙiƙa 29. Wurin da yake tsayawa ya matsa daga mita 175 zuwa 200. Ya kuma samu abin da bai zo da shi ba: ciwo a gaban kafaɗar dama, wanda ke soke shi duk lokacin da ya ɗaga hannu zai sa riga.

Ƙarancin ribar nan yana da lissafi. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka duk abin da ke ratsa shi yana gamuwa da tirjiya mai yawa. Masana suna rubuta wannan tirjiya haka: `F = ½ρCdAv²`. A cikin harufan nan `ρ` nauyin ruwa ne, ba mai iya canza shi. `A` faɗin jikin da ke fuskantar ruwa ne ta gaba, `Cd` kuma yana nuna yadda siffar jikin ke yanka ruwan ko take tokare shi. `v` shi ne gudu, kuma an ninka shi da kansa. Ma'anar wannan ninki ita ce wanda ya ƙara gudunsa da kashi 10 cikin ɗari, tirjiyar za ta ƙaru da kashi 21, ƙarfin da zai riƙa kashewa a kowace daƙiƙa kuma ya ƙaru da kusan kashi 33. Matashin ya bar `A` da `Cd` yadda suke, ya tsaya yana kokawa da `v`, wanda ya fi kowanne tsada.

Farkon Yuni: awon farko

Ranar da ya zo wurina, abu na farko da na ce masa shi ne ya ajiye fallayen nan, ya je likitan ƙashi ya duba kafaɗar. Likitan ya ce kumburin jijiya ne, ya ba shi hutun kwana goma da wasu motsin kafaɗa masu sauƙi. Bayan ya dawo na tsaya a bakin kwamin na kalle shi, sannan na sa tabarau na ruwa na nutsa na kalle shi ta ƙasa.

Ta sama, iyonsa na da ban sha'awa ga wanda bai san harkar ba. Kai a sama, haɓa na taɓa ruwa, idanu na kallon gaba, hannuwa na sauka da ƙara, kumfa ta ko'ina. Ta ƙasa kuwa hoton daban ne. Ƙugunsa ya nutse kusan kamu guda, ƙafafunsa na can ƙasa sosai, jikin gaba ɗaya ya karkace kamar mai hawan tudu. Yana shigar da hannu a miƙe, ya danna ruwa ƙasa da tafinsa, kai da kafaɗu su ɗago, sannan gwiwar hannun ta riga tafin komawa baya, hannun ya sulale ta gefen ciki ya fito.

Na auna abubuwa uku. Da gudu matsakaici yana cin mita 25 a daƙiƙa 36 da jan hannu 34. Idan aka cire mita 3 na turin bango, kowane ja yana kai shi santimita 65 ke nan. Na biyu, na sa ya tura bango da ƙafa, hannuwa a miƙe gaba, ya bar jikinsa ya sulala har ya tsaya: mita 3 da rabi. Na uku, na ba shi soson nan mai yawo da ake matsewa tsakanin cinyoyi don ya ɗaga ƙugu, na ce ya bar ƙafa kwata-kwata ya yi da hannu zalla. Ya iso a daƙiƙa 33 da ja 29. Wato da aka hana shi amfani da ƙafafunsa, aka kuma ɗaga masa ƙugu, sai ya fi sauri.

Da ya fito na gaya masa lambar, ya ce, "Koci, ko agogon ne ya yi kuskure?" Muka sake sau biyu, sakamakon bai canza ba.

Ɗaga kan da yake yi ba sakarci ba ne. A kogi ruwa a gurɓace yake, ga igiyar ruwa, ga jirage na wucewa, ga itatuwan da ruwa ya ɗauko. Yaron da ya sunkuyar da fuskarsa cikin Kwara ba zai ga komai ba, kuma bai san inda ruwan ke kai shi ba. Salon da ya tashi da shi ya dace da wurin da ya koye shi, kuma a kogi mutum yana iya juyawa rigingine ya huta ko ya bi ruwa ya gangara, ba agogo a kansa.

Tsakiyar Yuni zuwa ƙarshensa: gyaran hannu da bai karɓu ba

Duk da gwajin soso ya nuna mini ƙugu, da hannu na fara. Dalilina a lokacin shi ne a salon rub-da-ciki mai sauya hannu, wanda 'yan gasa ke kira firistayil, mafi yawan turin da ke kai mutum gaba daga hannuwa yake fitowa, ƙafa kaɗan take ƙarawa. Na kuma ga lokaci na ƙurewa.

Na koya masa jan da aka koya mini ina yaro, wanda hannu ke zana siffar harafin S a ƙarƙashin jiki: ya fita waje, ya shigo ciki, ya sake fita. Wannan koyarwa tana da tarihi. James Counsilman, kocin Jami'ar Indiana a Amurka wanda ya horar da Mark Spitz, ya ɗauki hotunan gwanaye a ƙarƙashin ruwa, ya ga hannuwansu na bin lanƙwasasshiyar hanya. A farkon shekarun 1970 ya kawo bayanin cewa hannun yana aiki ne kamar fiffiken jirgin sama ko farfelar jirgin ruwa, yana samar da turi ta hanyar yanka ruwa gefe da gefe. Koyarwar ta bazu a duniya shekaru da dama. Daga baya bincike ya karkata ga bayani mafi sauƙi, wato ƙa'idar Newton ta uku: ka tura ruwa baya, ruwa ya tura ka gaba. A 2012 ƙungiyar Rajat Mittal a Jami'ar Johns Hopkins ta kwatanta salon biyu da lissafin kwamfuta, ta samu cewa jan da ke shiga zurfi ya tura ruwa baya kai tsaye ya fi mai lanƙwasar samar da turi.

Mako guda muka yi a kan harafin S. Jan hannunsa ya koma 35, saboda ƙarfin na tafiya hagu da dama, ƙugun kuma ya fara lilo. Na watsar, na koma ga jan kai tsaye, ina nuna masa yadda zai bar gwiwar hannu a sama ya sunkuyar da yatsu ƙasa. A tudu yana yi daidai. Da soso a cinya ma yana yi, har ya sauko ja 27. Da an cire soson sai hannun ya koma danna ruwa ƙasa kamar ba a taɓa gaya masa komai ba. Ranar 30 ga Yuni awon ya nuna ja 33, daƙiƙa 36, tsayawa a mita 200.

Da na sake nutsawa na dube shi da kyau, sai na lura da lokacin da hannun ke dannawa ƙasa: daidai lokacin da yake buƙatar ɗaga baki ya shaƙi iska. Kai yana da nauyin kusan kilo 5. A cikin ruwa, ruwa ne ke ɗauke da shi. Da zarar ya fito sama, sai wani abu ya tallafe shi, kuma abin da ke tallafe masa shi ne tafin hannunsa. Kusan rabin farko na kowane ja yana ƙarewa ne wajen riƙe kai a sama.

Yuli: kwantar da jiki

Watan Yuli gaba ɗaya ban ce masa komai a kan hannu ba.

Jikin mutum a ruwa kamar sikeli yake. Huhu cike da iska yana ƙirji, shi ke ɗaga mutum sama. Tsakiyar nauyin jiki kuwa tana ƙasa da nan, wajen cibiya, saboda ƙasusuwa da tsokar ƙafafu sun fi ruwa nauyi kaɗan. Tun da wurin ɗagawa da wurin nauyi ba su haɗu ba, jiki na juyawa a kan ƙirji, ƙafafu su yi ƙasa. Mai tsoka maras kitse irinsa abin ya fi damunsa. Duk abin da aka ɗaga sama da ruwa ta gaba, kai ne ko kafaɗa, yana ƙara danna ƙafafun. Duk abin da aka miƙa gaba a cikin ruwa, kamar hannu, yana taimakawa wajen ɗago su.

Na kawo farantin tangaran na ba shi a cikin ruwa. Na ce ya tura shi ta baki, ya wuce sumul. Na ce ya ɗan karkata shi ya sake turawa, nan take ya ji nauyi a wuyan hannunsa. Jiki a kwance ɗaya yana nuna wa ruwa kai da kafaɗu kawai, sauran jikin na bin ramin da suka buɗe. Jiki a karkace yana nuna wa ruwa ƙirji da ciki da cinyoyi, kuma a bayansa ruwan na hargitsewa yana yin wani irin tsotso da ke jan mutum baya. Ga mutum mai tsawonsa, karkacewar digiri 20 kaɗai ta isa ta ninka faɗin da ke fuskantar ruwa, ko ma fiye.

Matakin farko shi ne numfashi. Ya tsaya inda ruwa ke kai masa ƙirji, ya sa fuska ciki, ya fitar da iska ta hanci a hankali har kumfa ta ƙare, ya ɗago ya shaƙa ta baki. Abin mamaki, mutumin da ke nutso ya kamo kifi da hannu bai taɓa fitar da iska a cikin ruwa da gangan ba, riƙewa yake yi. A iyo, mai riƙe numfashi dole ya fitar ya kuma shaƙa a ɗan lokacin da bakinsa ke waje, shi ya sa yake daɗewa da kai a sama, shi ya sa kuma haki ke kama shi da wuri. Kwana huɗu muka yi a nan. Ruwa ya sha shiga masa hanci, ranar ta biyu har ya ce, "Koci, ni fa ban zo koyon wanka ba."

Mataki na biyu sulalawa daga bango. Tafi ɗaya a kan ɗaya, damatsa sun matse kunnuwa, idanu na kallon layin da ke ƙasan kwamin, ciki a ɗaure, yatsun ƙafa a miƙe. Na ce ya jingina ƙirjinsa a kan ruwan kamar yadda masuntan Argungu ke kwantawa a kan gora. Wannan ya gane nan da nan. Da ya danna ƙirji kaɗan, sai ga diddigensa sun ɓullo sama a karon farko. A ƙarshen mako na biyu sulalawar ta kai mita 6 daga 3 da rabi, da turin ƙafa iri ɗaya. Na kuma sa ya riƙa tura bangon yana kusan rabin mita a ƙarƙashin ruwa, domin a saman ruwa jiki na tayar da igiya, kuma tayar da ita ƙarfi take ci.

Mataki na uku ya fi ɗaukar lokaci: shaƙar iska ba tare da ɗaga kai ba. Yana kwanciya a gefe, hannun ƙasa a miƙe gaba, na sama a kan cinya, yana kaɗa ƙafa ƙanana daga ƙugu. Idan zai shaƙa, jikin ne ke mirginawa, kai ya bi shi, kunne ɗaya da ido ɗaya na cikin ruwa. Kan mai tafiya a ruwa yana tura ɗan tudun ruwa a gabansa, a gefen kumatu kuma ruwan ya ɗan faɗa, a cikin wannan kwarin baki ke samun iska. Mako biyu yana shan ruwa kafin ya yarda cewa iskar na nan. A wannan tsakani lokacinsa ya ƙara muni, mita 25 ta koma daƙiƙa 40, kuma sau biyu hadari da walƙiya suka sa muka fita daga ruwa muka rasa darasi.

Ranar 31 ga Yuli: ja 26, daƙiƙa 35, kuma ya kammala mita 400 ba tsayawa a karon farko, a minti 10 da daƙiƙa 5. Hannun da kansa ya rage dannawa ƙasa, ba tare da an yi masa magana ba.

Agusta: kamun ruwa

Yanzu muka koma hannu. Na tambaye shi, idan ya soka filafili a ruwa ya ja, mene ne ke tafiya, filafilin ko jirgin? Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Jirgin ne ke zuwa ya wuce filafilin." Haka hannun gwani yake. Yana kafa shi a ruwa, ya jawo jikinsa ya wuce ta kansa. Hannun na ɗan zamewa baya, tun da ruwa ba ƙasa ba ne, amma iya faɗin abin da ya kafa da daidaiton fuskantarsa baya, iya ƙarancin zamewar.

Filafilin mai iyo bai tsaya a tafin hannu ba. Ya kama daga kan yatsu har gwiwar hannu, wato kamu guda cif. Don wannan kamun ya fuskanci baya da wuri, bayan hannu ya shiga ruwa daidai faɗin kafaɗa ya miƙe, yatsu ne ke fara sunkuyawa, wuyan hannu ya bi, sangalin hannu ya bi, gwiwar kuma ta tsaya a sama kusa da saman ruwa tana kallon waje. Kamar mutum ya miƙa hannu ya rungumo ganga ta sama. Daga nan manyan tsokokin baya, waɗanda suka taso daga ƙarƙashin hammata, su ne ke ja, ba ƙananan tsokokin kafaɗa ba. Na nuna masa bambancin a bakin kwamin: ya ɗora tafukansa a kan dakalin ya ɗaga jikinsa ya fito, gwiwoyi a sama. Ya fito cikin sauƙi. Na ce ya sake, gwiwoyi a ƙasa da tafukan. Ya kasa.

Atisayen da ya fi yi masa amfani shi ne iyo da dunƙulallen hannu. Idan babu tafi, dole sangalin hannu ya kama ruwa, in ba haka ba mutum ba ya zuwa ko'ina. Ranar farko ya yi ja 38 a dunƙule. Bayan kwana goma ya sauko 29, kuma duk lokacin da ya buɗe hannun bayan dunƙulewar yakan ce ji yake kamar an ɗaura masa faifai. Na hana shi matse yatsu da ƙarfi, na kuma hana shi ware su. A sake su da 'yar tazara kaɗan, ruwa ba ya samun wucewa sosai ta tsakaninsu, tafin ya zama kamar ya ƙara faɗi.

Sauran gyaran na saurin hannu ne. Da, yana fizgar ruwa tun daga shigar hannu, kumfa ta biyo tafin, kuma tafin da ke jan kumfa iska yake turawa. Yanzu kamun na farawa a hankali, saurin na ƙaruwa har hannun ya wuce ƙugu, mirginawar jiki na taimaka masa. Alamar da nake dubawa ta ƙasa ita ce ko akwai farin kumfa a bayan yatsunsa.

A mako na uku na Agusta ya wuce gona da iri. Ya ga lambar ja na raguwa, sai ya mayar da ita abin nema. Ya riƙa barin hannu a miƙe gaba yana jira, har ya kai ja 18, yana murna. Agogo kuwa ya nuna daƙiƙa 35, daidai da na ƙarshen Yuli. Gudu a iyo shi ne nisan kowane ja a ninka da yawan ja a minti. Shi kowane ja na ɗaukarsa daƙiƙa 1.7, kuma a cikin jiran nan ruwa na tsayar da shi, ƙugu ya fara nutsewa, sai ya sake tayar da jikin daga kusan tsaye. Na riƙa tafa masa hannu daga bakin kwamin a kan daƙiƙa 1.3 ga kowane ja. Lambar ta koma 21, lokacin ya sauko daƙiƙa 32. Bayan turin bango na mita 5, kowane ja yana kai shi kusan santimita 95.

Satumba: sakamako

Makonni ukun farko na Satumba mun yi su ne a kan juriya: mita 100 sau shida da hutun daƙiƙa 20, da sharaɗin cewa idan ja ya haura 23 a kowane tsawo, ya tsaya ya huta. Ranar 20 ga wata ya yi mita 400 a minti 8 da daƙiƙa 41. A gwajin aikin, bayan kwana takwas, ya yi minti 8 da daƙiƙa 49, aka ɗauke shi. Nauyinsa bai canza ba, ya daina motsa jikin tudun nan tun Yuni in ban da na kafaɗa, kuma ciwon bai dawo ba.

Abin da na fahimta daga lamarin

Gwajin soso na awon farko ya riga ya faɗi komai, kuma makonni biyun da na kashe a kan hannu a watan Yuni asara ce da ni na jawo. Gaskiya ne hannu ke samar da turi, amma hannun matashin nan yana da wani aikin da ya fi masa muhimmanci, wato riƙe bakinsa a sama don ya shaƙi iska. Ba wani bayani da zai sa ya saki wannan aikin kafin ya tabbata ruwa zai ɗauke shi kuma iska na nan a gefe. Shi ya sa gyaran ke zama idan akwai soso, ya rushe idan an cire.

Lambobin sun raba ribar gida biyu. Kwantar da jiki ya sauko da ja daga 33 zuwa 26, ya kuma ba shi damar kammala nisan, duk da cewa daƙiƙa ɗaya kawai ya rage a mita 25. Kamun ruwa ya sauko da ja daga 26 zuwa 21, ya rage daƙiƙa uku. Na farko ya rage abin da yake kashewa, na biyu ya ƙara abin da yake samu daga kowane ja. A Yuni yana juya hannu fiye da sau 60 a minti, a Satumba kusan sau 46, kuma ya fi sauri. Girman tasirin tirjiya ba a kan masu koyo kaɗai yake ba: a gasar duniya ta Roma a 2009, lokacin rigunan roba masu matse jiki da ɗaga shi, an kafa sabon tarihin duniya sau 43, abin da ya sa aka haramta rigunan daga 2010.

Tsarin da na bi ba na kowa ba ne. Wanda jikinsa ke yawo da kansa, kamar mai ɗan kitse, gwajin soso ba zai nuna masa bambanci sosai ba, kuma shi da hannu ya kamata a fara masa. Shi ma matashin akwai sauran aiki a kansa. Bayan mita 300 gwiwar hannunsa ta hagu na faɗuwa, ja ya koma 24. Ta dama kaɗai yake iya shaƙar iska. Idon sawunsa a sandare yake, ƙafarsa ba ta ƙara masa komai in ban da daidaita jiki. Iyon kai a sama kuma ban ce ya manta da shi ba, domin mai ceto dole idonsa ya kasance a kan wanda ke nutsewa yayin da yake tunkararsa. Yanzu yana yin mita 25 da kai a sama sau huɗu a ƙarshen kowane darasi, da ƙafa mai ƙarfi don ƙugun kada ya nutse, kuma a wannan salon jansa 27 ne.